Yadda ake lissafin kuɗin talla idan ribar kaya siririya ce: misali da jarkar man gyaɗa

Ƙanwata tana sayar da man gyaɗa a Unguwar Dosa da ke Kaduna, a jarka mai lita biyar, kuma yawancin cinikinta ta waya ake yi. Wata rana da yamma ta kira ni tana murna. Ta ce, "Yaya, tallan nan ya yi albarka, naira 56,000 na zuba, na yi cinikin naira 600,000." Da ƙarshen wata ya zo za ta saro sabon mai, sai ta tarar kuɗin hannunta bai kai na watan da ba ta yi talla ba. Ba wanda ya cuce ta, ba abin da ya ɓata a shago. Lissafin ne ta fara daga ƙarshe, ta duba ciniki kafin ta san abin da kowace jarka ke bar mata.

Zan bi lissafin da muka yi da ita a jere, yadda mai sayar da shinkafa ko ƙwai ko sabulu zai iya sa nasa alƙaluman a wurin nata. Farashin da zan kawo na zagaye su ne don lissafi ya yi sauƙi, kada a ɗauke su a matsayin farashin kasuwa na yau.

Mataki na farko: nawa jarka ɗaya ke bari a hannunka

Wannan shi ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma idan aka kuskure shi duk abin da ya biyo baya shirme ne. Tana saro babbar jarka mai lita 25 a kan naira 57,500, wato lita ɗaya naira 2,300, lita biyar kuma naira 11,500. Tana sayar da ƙaramar jarka naira 15,000. A ƙwaƙwalwarta ribarta naira 3,500 ce, kuma da wannan adadin ta shiga talla.

Sai na ce ta ɗauko biro mu bi jarka ɗaya tun daga wurin mai injin matsa har ƙofar gidan mai saye, duk inda kuɗi ya fita mu rubuta. Jarkar da ake zuba man a ciki naira 700. Takardar suna da ake liƙawa da leda naira 200. Kuɗin motar kawo kaya idan aka raba shi kan kowace jarka naira 200. Waɗannan ba ta yi musu a kansu ba, mantawa kawai ta yi.

Inda muka ja da ita shi ne kuɗin kai kaya. Tana karɓar naira 1,000 a hannun kowa ko ina yake. Malali da Badarawa da Kawo kusa ne, kuɗin yana isa. Amma mai kai kaya ba zai je Rigasa ko ya ƙetare gada zuwa Barnawa a kan wannan kuɗin ba, ita take cikawa daga aljihunta. Da muka duba littafinta muka raba, cikon ya kama naira 500 a kan kowace jarka. Ita ba ta ɗauke shi kashe kuɗi ba, a wurinta kyautata wa kwastoma ne. Kyautatawa ce, amma daga cikin riba take fita.

Saura ƙanana uku da ba a ganinsu sai an zauna. Cajin banki da kiran waya, naira 100. Man da ke kwantawa a gindin babbar jarka da wanda ke zuba wajen ɗurawa, kusan rabin lita a kowace lita 25, ya kama kimanin naira 200 a kan jarka. Sai kayan da ake dawowa da su: a cikin oda ashirin akan sami ɗaya da za a je gidan a tarar waya a kashe, ko a ce maigida bai bar kuɗi ba. Zuwa da dawowa naira 2,000, idan aka raba kan ashirin ɗin, naira 100 ke nan kowace jarka.

Da aka tara, jarka ɗaya tana cin naira 13,500 kafin ta isa hannun mai ita. Abin da ya saura naira 1,500 ne, kashi 10 cikin 100 na farashi. Zan riƙa kiran wannan adadin ragowa, don ba riba ba ce tukuna: ba a cire haya ba, ba a cire albashi ba, ba a cire talla ba. Ka'idar da za ka riƙe wajen tara waɗannan kuɗaɗe ita ce, duk abin da ba za ka kashe ba da ba ka sayar da wannan jarkar ba, to yana cikin lissafinta. Haya ba ta ciki, domin ko ka sayar ko ba ka sayar ba mai shago zai karɓi kuɗinsa.

Mataki na biyu: iyakar da talla ba zai ƙetare ba

Da zarar ka san ragowa, ka san abu biyu tun kafin ka biya ko sisi. Na farko, iyakar abin da za ka iya kashewa don samun mai saye guda a cinikin farko: naira 1,500. Na biyu, sau nawa ciniki zai ninka kuɗin talla kafin ka tashi ba riba ba faɗuwa. Wannan ninkin shi ne masu harkar talla ke rubutawa ROAS, kuma iyakarsa haka ake fitar da ita:

```
ROAS = ciniki ÷ kuɗin talla
iyakar ROAS = farashi ÷ ragowa
15,000 ÷ 1,500 = 10
```

Ma'ana, duk naira ɗaya da ta shiga talla sai ta dawo da cinikin naira goma, sannan ne kawai aka mayar da kuɗin tallan. Za ka ji ana cewa ninki uku ko huɗu talla ne mai kyau. Ga mai turaren wuta da rabin farashinsa ragowa ne, gaskiya ne, domin iyakarsa biyu ce. Ga mai man gyaɗa ninki huɗu hanyar karyewar jari ce. Adadin ninki shi kaɗai ba ya nuna komai sai an aza shi kusa da iyakar kayanka.

Mataki na uku: nawa tallan ya ci a zahiri

Ta yi talla a Facebook da Instagram na kwana 14, naira 4,000 kullum, wanda duk ya taɓa sai ya faɗo WhatsApp ɗinta. A shafin Ads Manager, inda ake duba lissafin tallan, ƙarƙashin `Amount spent`, an rubuta 56,000. Wannan ba shi ne duk abin da ya fita ba. Ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kan kuɗin tallan, naira 4,200 ke nan. Ta biya yaron da ya ɗaukar mata bidiyo ya gyara naira 8,000. Ta sayi ƙarin data na naira 1,800 don amsa saƙonni. Jimilla naira 70,000.

Hanya mafi aminci ita ce ka buɗe bayanan asusun bankinka ka ga abin da ya fita da gaske, ba abin da allo ya nuna ba. Idan ka ba wata mai mabiya jarka kyauta don ta nuna a shafinta, wannan jarkar kuɗin talla ce, ka sa ta a kan abin da ta ci maka. Idan akwai wanda kake biya yana kula maka da tallan, ladansa ma yana ciki.

Mataki na huɗu: mutum nawa sababbi suka biya

Shafin tallan ya nuna mutum 280 sun fara magana da ita, kowane a kan naira 200. Wannan adadin yana da daɗin kallo, amma mai tambayar "nawa ne?" ba kwastoma ba ne. Tunda cinikin a WhatsApp ake ƙarasa shi, kuɗi kuma ta banki ake turowa ko a miƙa wa mai kai kaya, shafin tallan bai san wanda ya biya ba. Kai ne za ka ƙirga.

Abin da ake yi mai sauƙi ne. Saƙon farko na wanda ya shigo ta talla yakan zo da alamar tallan a samansa. Ka yi masa lakabi a WhatsApp Business nan take, idan ya biya aka kai kaya ya karɓa, ka canza lakabin ka rubuta lambarsa da rana da unguwa a littafi. Wanda ya kira kai tsaye kuma ka tambaye shi a ina ya gan ka. Kada ka rufe ƙirga ranar da talla ya tsaya, ka ƙara mako guda, domin akwai masu jiran albashi ko jiran maigida ya dawo.

Mutum 40 ne suka biya. Da muka bi lambobinsu ɗaya bayan ɗaya, biyar tsofaffin kwastomominta ne masu saye duk wata, sun ga tallan ne kawai suka bi ta nan don ya fi musu sauƙi. Ta ce, "Yaya, ai su ma tallan ne ya tuna musu." Na ce ta duba littafi, akwai watan da waɗannan biyar ɗin suka tsallake? Babu. Ko ba talla da sun saya, saboda haka muka cire su. Sababbi 35 ne.

```
CAC = duk kuɗin talla ÷ sababbin masu saye
70,000 ÷ 35 = 2,000
```

CAC shi ne kuɗin samo kwastoma guda. Ta sayi kowane sabon kwastoma a kan naira 2,000, shi kuma ya bar mata naira 1,500. Faɗuwar naira 500 a kan kowane mutum, naira 17,500 a kan su 35.

A nan ne za ka ga yadda lissafin farko ya yaudare ta. Idan ka raba 600,000 da 56,000 za ka sami 10.7, wanda ya ɗara iyakar goma, sai ka ce an tsira. Lissafi na gaskiya shi ne cinikin sababbi, naira 525,000, a raba da naira 70,000, ya ba da 7.5. Ƙananan gyare-gyare biyu ne kawai, cire mutum biyar da ƙara naira 14,000, suka mayar da riba faɗuwa. A kaya mai kaurin riba irin wannan kuskuren ba ya kisa. A kaya mai kashi 10 shi ne bambancin ci da asara.

Mataki na biyar: inda ake tashi ba riba ba faɗuwa

Tambaya biyu ce a nan, kuma ana yawan cakuɗa su. Ta farko game da tallan kansa ce: mutum nawa ake bukata ya biya kuɗinsa? Ka raba 70,000 da 1,500, ka sami 46.7, wato mutum 47. Ta samu 35, saura 12. Idan ka mayar da shi kan saƙonni, mutum ɗaya cikin takwas ne ya saya, ita kuwa tana bukatar ɗaya cikin shida.

Ta biyu game da sana'ar gaba ɗaya ce. Kuɗin da take kashewa duk wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba naira 60,000 ne: kason haya, albashin yarinyar da ke taya ta ɗura mai, da wuta. A watan da ba talla, jarka 40 ke biyan wannan. Tsofaffin kwastomominta suna ɗaukar jarka 50, don haka takan tashi da naira 15,000. A watan talla nauyin ya zama naira 130,000, wanda ke bukatar jarka 87. Ta sayar da 85. Watan da ta fi kowane wata ciniki, ta fi kowane wata wahala da ɗure-ɗure da kiran masu kai kaya, shi ne watan da ta tashi da giɓin naira 2,500. Alamar da za ka gane kana cikin irin wannan hali ke nan: kaya na fita, waya ba ta hutawa, amma idan ka tashi saro kaya sai ka ga kana rage yawan abin da ka saba ɗauka.

To ai za su dawo

Wannan ce hujjar da duk mai talla ke kawowa, kuma ga man girki hujja ce mai ƙarfi, tunda abu ne da ke ƙarewa. Sharaɗin kawai shi ne a ƙirga waɗanda suka dawo, ba waɗanda ake fatan za su dawo ba. Mun jira wata uku muka sake buɗe littafin. Cikin 35 ɗin, 14 sun dawo, sun ɗauki jarka 21 a tsakaninsu ba tare da an sake kashe musu kuɗin talla ba. Ragowar wannan naira 31,500 ce. Idan aka haɗa da naira 52,500 ta cinikin farko, an sami naira 84,000 a kan naira 70,000 da aka kashe. Kowane kwastoma ya bar naira 2,400 a wata uku, an saye shi a kan 2,000.

Ashe tallan bai faɗi ba, jinkirin biya ya yi. Amma ka lura da girman abin: naira 14,000 a wata uku, bayan an ɗaure naira 70,000 da za ta iya saro babbar jarka har da canji. Mai jari kaɗan da ke juya kuɗinsa duk mako zai iya tsayawa cak kafin wata ukun su cika. A ganina, idan jarinka bai kai ka jira ba, ka yi lissafinka a kan cinikin farko kawai, dawowar kwastoma ta zame maka ƙari. Idan kana da abin jira, ka sa iyakar wata uku, kada ka yi lissafin shekara a kan mutumin da ka sani jiya.

Akwai kuma abin da ke iya rushe wannan duka ba tare da tallan ya canza ba. Gyaɗa tana araha da kaka, tana tashi idan aka yi nisa da girbi. Idan lita ta ƙaru da naira 100 kacal, jarka ta ƙaru da 500, ragowa ta sauko naira 1,000, iyakar ninki ta tashi daga 10 zuwa 15. Tallan da ke biyan kansa a watan Nuwamba zai iya zama rami a watan Yuni. Duk ranar da ka saro kaya a sabon farashi, ka sake matakin farko kafin ka sake kunna talla.

Inda ake gyarawa

Yawancin mutane idan lissafi bai fita ba sai su koma canza hoto da bidiyo don saƙo ya yi araha. Yana taimakawa, amma a kaya irin wannan gyaran ragowa ya fi saurin tasiri, kuma yana hannunka.

Abu na farko da ta taɓa shi ne cikon kai kaya. Ta taƙaita tallan ga unguwannin da ke kusa da ita, ta daina nuna shi ga duk garin Kaduna, na nesa kuma ta faɗa musu kuɗin kai kaya na gaskiya ko su jira ranar Asabar da ake haɗa kayan yanki guda a tafi da su tare. Wannan kaɗai ya mayar da ragowa naira 2,000, iyakar ninki ta sauko 7.5, daidai inda tallanta na farko ya tsaya.

Na biyu, girman oda. Idan mutum ya ɗauki jarka biyu, cikon kai kaya da cajin banki da kason dawo da kaya sau ɗaya ake biyansu. Ko a tsohon tsarinta, odar jarka biyu tana barin naira 3,700 ne, ba 3,000 ba, kuɗin samo mutumin kuwa bai ƙaru ba. Shi ya sa masu tuyar ƙosai da awara da masu abincin sayarwa suka fi mata amfani a kan gida mai ɗaukar jarka ɗaya, ko da samunsu ya fi tsada. Haɗa man da ƙuli-ƙuli, wanda ragowarsa ta fi kauri, shi ma hanya ce.

Abin da za ka guje shi ne ragi. Ragin kashi 5 cikin 100 ƙaramin abu ne a idon mai saye, naira 750 ne. A wurinka rabin ragowar naira 1,500 ne, kuma yana ninka yawan jarkar da za ka sayar kafin ka biya talla. "Kai kaya kyauta" ya fi haka muni, domin naira 1,000 da mai saye ke biya za ta dawo kanka, ragowa ta koma 500.

Na uku, ta rubuta farashi ɓaro-ɓaro a jikin tallan. Masu tambayar "nawa ne?" su ɓace sun ragu, kuɗin kowane saƙo a allo ya tashi, har ta tsorata ta kira ni. Na ce ta bar kallon kuɗin saƙo ta kalli kuɗin mai saye. Saƙon naira 300 da ɗaya cikin biyar ke saye ya kama naira 1,500 kan kowane kwastoma. Saƙon naira 200 da ɗaya cikin takwas ke saye ya kama 1,600, idan kuɗin allo kawai aka ƙirga. Mai tsadar ne mai araha, kuma ya rage mata zaman amsa waya har dare.

Game da lokacin kashe talla kuwa, kada ka yanke hukunci da cinikin kwana ɗaya, don mutum biyu ko uku na iya zuwa ko su ƙi zuwa ba dalili. Abin da muka tsayar da ita shi ne ta bari tallan ya ci ninki biyar na ragowa, naira 10,000 a sabon lissafinta. A wannan kuɗin ya kamata a ga masu saye biyar. Idan huɗu ne ko shida ta bar shi ya ci gaba zuwa ƙarshen mako, idan ɗaya ne ko biyu ta kashe shi ta canza unguwa ko bidiyo, abu ɗaya a lokaci guda don ta san wanne ne ya yi aiki. Yanzu duk daren Lahadi takan ja layi a littafinta ta rubuta abu huɗu: abin da ya fita daga banki saboda talla, sababbi nawa suka karɓi kaya suka biya, farashin litar da ta saro a makon, da lambobin waɗanda mansu ya kusa ƙarewa don ta tura musu saƙo ranar Litinin.